Ka Aika Saƙon Uzuri, An Yi Shiru: Yadda Ake Bibiya Cikin Ladabi

Ma'aikata da yawa sun sha takardar tuhuma kan fashin aiki alhali saƙon uzurinsu na nan daram a cikin wayar shugabansu. Mutum ya rubuta cewa ba zai samu zuwa ba, ya aika, ya jira amsa bai gani ba, sai ya ce a ransa ai shiru ma amsa ce, ya kama gabansa. Ranar da ya dawo shugaba ya ce shi bai ba kowa izini ba. Ma'aikaci ya zaro waya ya nuna saƙo, shugaba ya ce to ina amsar da na ba ka? Daga nan magana ta ƙare, domin babu amsar.

Malaman fiƙihu na da wata ƙa'ida da ake jingina wa Imam Shafi'i, wadda ma'anarta ita ce ba a ɗora wa wanda ya yi shiru maganar da bai furta ba. A wurin aiki ma haka abin yake tafiya. Shirun shugaba ba ya nufin ya amince, haka kuma ba ya nufin ya ƙi ko ya yi fushi. Galibi abin da shirun ke nufi shi ne maganar ba ta kammala ba tukuna, kuma wanda zai yi fashin shi ne ke da alhakin kammala ta. Matsalar ita ce kunya da nauyin baki. Ƙaramin ma'aikaci na ganin idan ya sake tuntuɓa za a ce ya cika naci, ko kuma kamar yana cewa shugaba ya yi sakaci. Wannan tsoron na da tushe, don akwai bibiyar da take zama rashin kunya. Amma akwai wadda shugaba ma yake gode wa, kuma bambancin da ke tsakaninsu abu ne da ake koya.

Kafin a taɓa waya, sai mutum ya fara tantance irin saƙon da ya aika, saboda saƙon uzuri iri biyu ne. Akwai na sanarwa: zazzaɓi ya kwantar da kai cikin dare, ko an yi maka rasuwa da asuba, ko matarka ta fara naƙuda. A nan ba izini kake jira ba, don ko an amsa ko ba a amsa ba, ba za ka iya zuwa ba. Abin da kake buƙata shi ne tabbacin cewa labarin ya isa, domin a san yadda za a yi da aikinka. Akwai kuma na neman izini: ɗaurin auren ƙaninka ranar Juma'a, ko jarabawa, ko raka mara lafiya asibiti a ranar da likita ya sa tun tuni. A wannan, muddin ba a ce maka je ka ba, kana nan a matsayin wanda ake sa ran ganinsa a bakin aiki. Mutane kan haɗa biyun, su rubuta neman izini da harshen sanarwa, su ce "ina sanar da kai cewa ba zan zo ba ranar Alhamis". Shugaba da ya karanta haka zai iya jin an yanke hukunci an bar shi a baya, sai ya yi shiru da gangan ya zuba ido.

Nauyin abin ya wuce ɗabi'a kawai. A dokokin aikin gwamnatin tarayyar Najeriya, rashin zuwa aiki ba tare da izini ba yana cikin jerin manyan laifuffuka, waɗanda hukuncinsu kan iya kaiwa ga kora. Dokar Ƙwadago kuma, a sashe na 16, ta ba ma'aikaci haƙƙin a biya shi albashinsa har na kwanakin aiki 12 a shekara idan rashin lafiya ce ta hana shi zuwa, amma da sharaɗin likita mai rajista ya tabbatar da rashin lafiyar. A lura da abu biyu. Sashen yana magana ne kan ciwon ma'aikacin kansa, bai haɗa da jinyar uwa ko ɗa ba. Sannan dokar, a yadda ta fassara wanda take kira ma'aikaci, ta fitar da masu aikin gudanarwa da na ƙwararru, don haka su takardar ɗaukarsu aiki da ƙa'idojin ma'aikatarsu ne ke hukunci a kansu. Ma'anar wannan ita ce yawancin uzurorin da muke kawowa, na suna da biki da jinya da gaisuwar mutuwa, sun dogara ne ga amincewar wani mutum. Abin da ya dogara ga amincewar wani kuwa, dole a ji ta daga bakinsa ko a gan ta a rubuce.

Saƙon ya isa kuwa?

Tambayar farko ke nan, kuma waya kan amsa ta idan mutum ya san inda zai duba. A WhatsApp, idan ka ga alamar agogo a gefen saƙo, saƙon bai bar wayarka ba ma, ko dai data ta ƙare ko babu sabis. Maki ɗaya mai launin toka na nufin ya fita daga wayarka amma bai sauka a tasa ba, wataƙila wayarsa a kashe take ko bai kunna data ba. Maki biyu masu launin toka na nufin ya sauka a wayarsa. Idan sun koma shuɗi, an buɗe hirar. Sai dai mutum na iya kashe wannan alama a wurin da aka rubuta Read receipts, kuma manya da yawa sun kashe ta, don haka makin zai tsaya a toka ko da an karanta sau goma. Shuɗin ma ba hujja ba ce cewa an fahimta. Mai waya na iya buɗewa yana tsakiyar taro, ko yaro ne ke wasa da wayar ya danna.

Idan a zauren ma'aikata ka jefa saƙon, danna shi ka riƙe, ka zaɓi Info, za ka ga jerin waɗanda ya isa wurinsu da waɗanda suka buɗe. Amma a ganina zaure ba wurin neman izini ba ne. Saƙon da aka jefa cikin mutum arba'in ba shi da mai shi. Abokan aiki za su cika wurin da Allah ya sawwaƙe da Allah ya ba da lafiya, mutum ya ji kamar an karɓi uzurinsa, alhali wanda ke da ikon amincewa bai ce uffan ba.

Imel ya fi ɓoye halinsa. Idan adireshin ba daidai ba ne, yawanci saƙo zai dawo maka cikin 'yan mintuna da bayanin cewa bai isa ba, amma idan ya faɗa akwatin tarkace na mai karɓa babu abin da zai sanar da kai. Takarda ta hannu kuwa, wadda har yanzu ita ce sarauniya a ma'aikatun gwamnati, tana da nata tabbacin: ka je da kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata a ofishin rajista ko wurin sakatare, ka riƙe shi. Wanda ya miƙa wa masinja takarda ɗaya tilo ya juya, ba shi da abin nunawa idan ta kwana a ƙarƙashin wani fayil.

Amfanin wannan binciken shi ne yana gaya maka irin bibiyar da ta dace. Idan saƙo bai sauka ba, sake rubutu a hanya ɗaya ɓata lokaci ne, sai ka canza hanya nan take: ka kira, ko ka yi tes, wanda ba ya buƙatar data. Idan ya sauka kuma da alama an gani, to sai ka koma ka karanta abin da kai ka rubuta da idon wanda aka aika wa.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauka ga wani malamin lissafi a wata makarantar sakandare mai zaman kanta a Kano. Likita ya sa wa mahaifiyarsa ranar Alhamis don aikin ido a Kaduna, kuma shi ne zai kai ta. Yana buƙatar Alhamis da Juma'a. Ranar Litinin, bayan sallar isha'i, ya rubuta wa shugabar makarantar haka:

"Assalamu alaikum Hajiya, barka da dare, ya gida ya iyali, ya gajiyar aiki. Dama ina da 'yar matsala ce a gida, jikin tsohuwa ne, to akwai yiwuwar ƙarshen makon nan ba zan samu shigowa ba. Na gode, Allah ya ƙara girma."

Maki biyu suka fito, suka koma shuɗi, safiya ta yi babu amsa.

Saƙon nan ba shi da aibi ta fuskar ladabi. Aibinsa shi ne ba a tambayi Hajiya komai ba. Babu rana, babu adadin kwanaki, "akwai yiwuwar" ta bar maganar a rataye, ƙarshen mako kuma zai iya zama Juma'a ko Asabar da dama ba a zuwa. Shugabar da ta karanta wannan cikin dare za ta iya ɗauka share fage ne, cikakken bayani na tafe. Don haka tana jiransa, shi ma yana jiranta. Kaso mai yawa na shirun da ake kuka da shi irin wannan ne, kuma maganinsa ba tuni ba ne, sake gina saƙon ne.

Yaushe zai bibiya? Mutane kan so a ba su adadi, a ce jira awa kaza. Ma'aunin da ya fi aiki shi ne a ƙirga daga baya, daga lokacin da fashin zai fara. Malamin zai kama hanya da asubar Alhamis. Makaranta na buƙatar aƙalla yinin Laraba don ta shirya wanda zai shiga azuzuwansa. Ke nan amsar ta kamata ta samu kafin a tashi ranar Talata, ko da sassafen Laraba idan abin ya yi nisa. Saboda haka yana da damar bibiya sau biyu cikin natsuwa, ɗaya ranar Talata, ɗaya safiyar Laraba. Da a ce tafiyar saura mako biyu ce, sai ya bar yini biyu na aiki su wuce kafin ya ce komai. Da kuma ciwo ne ya tashe shi da safe, ajinsa na farko ƙarfe 8, ba zai jira fiye da rabin awa ba kafin ya kira.

A cikin yinin ma akwai zaɓi. Ba a tuntuɓar shugaban makaranta lokacin da ɗalibai ke kan layin safe da iyaye ke cike da ofis. Lokacin tara, ko dab da azahar, ya fi. Saƙon da aka aika da tsakar dare kuwa yakan nutse a ƙarƙashin waɗanda suka shigo kafin gari ya waye, kuma wannan na cikin abin da ya samu na farkon.

Tunda malamin yana makaranta ranar Talata, abin da ya fi shi ne ya taka da ƙafarsa, don zuwa da kai ya fi aike. A ce ya je aka ce Hajiya ta fita taro a ma'aikatar ilimi, ba za ta dawo ba sai gobe. Sai ya rubuta:

"Assalamu alaikum, ranki ya daɗe. Na zo ofis ɗazu aka ce kin fita taro. Game da maganar da na rubuto jiya ne, ga cikakken bayani. Za a yi wa mahaifiyata aikin ido a Kaduna ranar Alhamis, ni ne zan kai ta. Ina neman izinin kwana biyu, Alhamis da Juma'a, zan dawo aiki ranar Litinin in Allah ya so. Ina da darasi biyar a kwanakin biyu. Na yi magana da malamin lissafi na ƙananan azuzuwa, ya yarda zai riƙe uku idan kin amince, sauran biyun kuma na shirya musu aikin aji, zan bar shi wurin mataimakinki. Ko kin amince in tafi a kan haka? Na gode."

Akwai abubuwa da dama a cikin wannan saƙon da suka cancanci a tsaya a kansu. Na farko, yana tsaye da ƙafarsa. Ko da Hajiya ba ta taɓa ganin na jiya ba, ko ta manta da shi, wannan kaɗai ya ishe ta yanke hukunci. Bibiyar da ta fi kowace rashin amfani ita ce ta "Hajiya kin ga saƙona?" ko sallama tsura a jira a amsa, ko alamar tambaya ita kaɗai. Irin wannan na tura mai karatu ya koma sama ya nemo, kuma mai aiki da yawa zai ce bari in duba anjima, anjimar da ba ta zuwa.

Na biyu, bai ambaci shirun ba ko kaɗan. Bai ce "ban ji amsa ba", bai ce "na ga kin karanta". Wannan ta biyun, a ce wa babba an ga makinsa ya yi shuɗi, tana daga cikin manyan kurakurai. Ka kama shi ke nan, wanda aka kama kuwa kare kansa yake fara yi kafin ya saurari buƙata. Malamin ya samo wa saƙonsa dalilin zuwa na gaskiya, wato ƙarin bayani, ta yadda Hajiya za ta amsa ba tare da ta fara ba da haƙuri ba. Idan babu sabon bayani da za a ƙara, ana iya buɗe wa mutum ƙofa da kalma mai sauƙi, kamar "na san hidima ta yi yawa" ko "ko saƙon bai shigo ba". Duka ɓangarorin sun san wataƙila ya shigo. Rufin asiri ne irin wanda muka saba yi wa juna, kuma ba shi da laifi muddin ba a ƙirƙiro ƙarya ba.

Na uku, ya rage mata aiki. Sau da yawa shugaba na jinkirta amsa ne saboda cewa "to" na jawo masa wata ɗawainiya, wato neman wanda zai cike gurbin. Idan ka zo da mafitar a hannu, ka cire abin da ke riƙe amsar. Amma a lura da "idan kin amince". Malamin bai raba aikinsa ya gama sannan ya sanar ba, ya kawo shawara ne ya bar hukunci a hannun mai hukunci.

Na huɗu, ya ƙare da tambaya guda wadda kalma ɗaya za ta amsa. Mutum na iya rubuta "na amince" yana tafiya zuwa mota.

Gaisuwa fa? Wasu na ganin gajarta ta rashin tarbiyya ne. A baki, gaisuwa mai tsawo na da daɗi don ana amsa ta ɗaya bayan ɗaya. A rubuce, layi huɗu na ya gida ya iyali na tura buƙatar ƙasa, kuma ɗan abin da ke leƙowa a fuskar waya kafin a buɗe saƙo bai wuce kalmomin farko ba. Sallama da kalmar girmamawa da ta dace, ranka ya daɗe ko Malam ko Hajiya ko yallaɓai, sun wadatar. Haka nan yawan ban haƙuri. "Don Allah a yi haƙuri da damuwa" sau ɗaya ladabi ne, sau uku kuma yana sa uzurin ya yi kama da wanda mai shi ma bai yarda da shi ba. Saƙon murya ma ba na wannan wurin ba ne, sai idan shugaban ba mai karatu ba ne ko shi ya saba da hakan. Ba a iya sauraronsa cikin taro, ba a iya ɗaga ido a ga kwanan wata a cikinsa.

Idan an sake yin shiru

A ce Talata ta wuce babu amsa. Safiyar Laraba ba ta saƙo na uku ba ce. Saƙonni uku a jere ba tare da amsa a tsakani ba sun fara zama matsi, kuma hanyar da ta gaza sau biyu ba ta da dalilin yin nasara a na uku. Yanzu sai ƙafa ko kira. Idan kira ne, a kira sosai, ban da filashin, kuma idan ba a ɗauka ba kada a jera kira biyar. Ɗaya ya isa, sai wani bayan awa ɗaya ko biyu. Idan an ɗauka, bayan gaisuwa sai a fara da tambayar ko lokacin ya dace: "Ranki ya daɗe, ko kina da minti ɗaya? Maganar izinin gobe ce."

A ce ta amsa a baki, ta ce ba komai, Allah ya ba ta lafiya. Saura abu ɗaya da yawancin mutane ke tsallakewa. Izinin baki gaskiya ne, amma ba ya barin sawu, kuma bayan wata guda, lokacin da akawu ke duba rajistar zuwa aiki don lissafin albashi, babu wanda zai tuna da shi. Ba za ka ce wa shugaba ta rubuta maka ba, don hakan kamar ka ce ba ka yarda da ita ba ne. Godiya ce ke yin wannan aikin:

"Na gode ƙwarai da izinin Alhamis da Juma'a da kika ba ni ɗazu, ranki ya daɗe. Na bar aikin ajin wurin mataimakinki. Sai Litinin in Allah ya kai mu."

Wannan godiya ce ta gaske, kuma ta rubuta abin da aka yi da ranar da aka yi shi. Idan akwai rashin fahimta, a ce ita kwana ɗaya ta ɗauka, yanzu za ta gyara. Inda ma'aikata ke da fom na neman hutu, a cike shi ko da an samu izinin baki, saboda fom ne ke shiga fayil.

To idan Hajiya ba ta samuwa sam, waya a kashe, ba ta shigo ba? A nan ne ake zuwa wurin wani, kuma a nan ne ake yawan taka sahun ɓarawo. Akwai bambanci tsakanin gangarowa wurin mataimaki da tsallakewa zuwa wurin mai makaranta. Mataimaki shi ne ke riƙe ofis idan shugaba ba ta nan, zuwa wurinsa bin tsari ne. Kiran mai makaranta kai tsaye kuwa, ko da ba ka yi nufi ba, ƙara ce ka kai. Za a tambaye ta me ya sa ba ta amsa wa malamanta, kuma za ta san wanda ya jawo. Don haka malamin zai je wurin mataimaki ya ce ya nemi Hajiya bai same ta ba, ga buƙatarsa, ko yana da ikon amincewa a madadinta. Idan ya amince, sai malamin ya rubuta wa Hajiya layi biyu cewa da bai same ta ba ya kai maganar wurin mataimakinta, ya amince, ga yadda aka tsara azuzuwan. Kada ta ji labarin daga bakin wani.

Akwai wata dabara da ke yawo, wadda mutum ke rubuta cewa idan bai ji komai ba kafin ƙarfe kaza zai ɗauka an amince. Tsakanin abokan aiki masu matsayi ɗaya tana iya wucewa. Daga ƙarami zuwa babba, a al'adarmu, tana da kaifi, don ka sa wa na gaba da kai wa'adi ke nan. Kuma ba ta kare ka daga komai, saboda ba kai ne ke da ikon mayar da shirun wani izini ba. Idan har an kai inda babu wanda ya amsa kuma tafiyar ba ta ɗaguwa, kamar ranar aikin da likita ya sa, gara a faɗi gaskiyar yadda take: na nemi izini ranar kaza da ranar kaza, ban samu kowa ba, lalurar ba ta jira, zan tafi, ga yadda na bar aikina, ga lambar da za a same ni, zan kawo takardar asibiti idan na dawo. Wannan ba izini ba ne, kuma mai rubuta shi ya sani cewa za a iya tuhumarsa duk da haka. Abin da ya samu shi ne idan tuhumar ta zo, amsarsa na da kwanan wata da shaida. Biki da suna ba sa cikin wannan sahu. Wanda ya tafi ɗaurin aure ba tare da amsa ba, ya zaɓi ɗaukar abin da zai biyo baya.

Saƙon sanarwa na gaggawa ya fi sauƙi, don matakansa duka na faruwa ne cikin awa ɗaya. Ka rubuta, ka ba shi ɗan lokaci, ka kira, in ba a ɗauka ba ka sanar da mataimaki ko abokin aikin da rashinka zai fi shafa. Mai jinya da ke da aikin dare, ko mai gadi, ko direba, wanda wani ke jiran ya karɓe shi kafin ya tafi gida, shi kira zai fara yi tun farko, rubutu ya biyo baya. Idan ciwon ya yi tsanani har mutum ba ya iya magana, ba aibi ba ne mata ko miji ko ɗan'uwa ya kira a madadinsa, ya faɗi sunansa da dangantakarsa da mara lafiyar. Kuma ba dole ba ne a zayyana ciwon. "Ba ni da lafiya, ina asibiti, zan kawo takardar likita" ya isa. Wasu, don tsoron kada a ƙi yarda, sukan ƙara wa uzurin gishiri a saƙo na biyu, zazzaɓin jiya ya zama an kwantar da su yau. Shugaban da ya ajiye saƙonnin biyu gefe da gefe zai ga sun saɓa, daga nan ko uzurin gaskiya sai ya yi masa kallon shakka.

Ɗalibin jami'a da ya rubuta wa malaminsa yana cikin wani hali daban kaɗan. Malamin da ke da ɗalibai ɗaruruwa ba zai amsa wa kowa ba, kuma shirunsa kan darasi ɗaya da aka rasa ba abin bibiya sau biyu ba ne. Amma jami'o'in Najeriya da dama na sharɗanta halartar kashi 75 cikin 100 na darussa kafin a zauna jarabawa, don haka idan fashin ya yi tsawo, ko ya haɗa da gwaji mai maki, saƙon waya ba ya wadatarwa. Ana rubuta takarda ta hannun shugaban sashe, a haɗa da shaidar asibitin makaranta, a riƙe kwafi mai hatimi. A kowane saƙo ɗalibi ya sa cikakken sunansa da lambarsa da sunan kwas, saboda malamin ba shi da lambar wayarsa a ajiye, kuma saƙon "Malam ni ne" daga baƙuwar lamba ba ya samun amsa.

Ranar da aka dawo, kafin a shiga aji ko a zauna kan tebur, a fara leƙa ofishin shugaba a gaisa, a ce an dawo, a miƙa takardar asibiti idan akwai, tare da riƙe kwafi. Idan shi ne ya kawo maganar saƙon ya ce wallahi bai gani ba, a karɓa a ce ba komai, ko da makin ya yi shuɗi tun daren farko. Saƙonnin kuma kada a goge su, kuma a duba ko hirar na kan tsarin da ke share saƙo da kansa bayan awa 24 ko kwana 7 ko kwana 90. Idan haka ne, a ɗauki hotonsu daga fuskar wayar a ajiye, aƙalla har albashin watan ya shigo cikakke.